Dan Allah ku duba min rubutun hasashen yanayin nan kafin in karanta shi a rediyo

Mai Shirin Safe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni minti ɗaya da rabi a shirin safe na tasharmu a nan Kano, kullum bayan labaran ƙarfe bakwai, in riƙa karanta hasashen yanayi domin 'yan kasuwa da manoma, kuma ga shi damina na shigowa. Muna ɗaukar bayanin ne daga na hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, amma sai na mayar da shi Hausa da kaina. Ga gwajin da na rubuta, na ɗauka kamar gobe Juma'a akwai hadari:

"Masu hasashen yanayi sun ce akwai yiwuwar kashi 60 cikin ɗari na samun ruwan sama da tsawa a wasu sassan jihohin Kano, Jigawa da Bauchi daga rana zuwa yamma, tare da iska mai gudun kilomita 55 a sa'a guda. Ma'aunin zafi zai kai digiri 38. Ana shawartar jama'a da su yi taka-tsantsan."

Ni dai a kunnena kamar akwai abin da ya rage amma na kasa gane ko mene ne. Ku faɗi gaskiya ba zan ji haushi ba.

Ɗan Dawanau:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tunda kin ce a faɗi gaskiya toh wlh ni da na ji wannan a rediyo ba abin da zan fasa. Wasu sassan Kano ai har Doguwa da Tudun Wada Kano ce, su can ruwa ya riga namu sauka da makonni, ni kuma ina Dawanau da buhun masara ɗari biyu a waje ana jiran tirela. Taka-tsantsan ɗin me zan yi? In sa yara su kwashe kayan su mayar sito in biya kuɗin dako sau biyu, ko in bar su in ja tampol kawai, wannan shi ne abin da nake son ji ba digiri 38 ba, zafi ai jikina ya riga rediyo sani.

Abban Sadiq:
Ni tambayata ita ce wai wa ya san gobe in ba Allah ba? Mutum ya zauna a ofis ya ce gobe za a yi ruwa, ku yi hattara da shiga gaibu fa

Baba Mai Ma'auni:
Abban Sadiq, kakanka in ya fito bayan azahar ya ga gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya cak, ya ce wa yara ku kwashe shanya, ba gaibu ya shiga ba, alama ya karanta. Aikin da na yi shekaru ina yi a tashar auna yanayi kafin in yi ritaya ke nan, bambancin kawai mu muna da hoton tauraron ɗan adam da ke nuna mana hadarin tun yana nesa da inda ido zai kai. Kuma shi ya sa ake cewa hasashe, ba a cewa tabbas. A sa in sha Allahu a ciki, ai ba ya rage komai.

'Yata Mai Shirin Safe, rubutunki ba ƙarya a ciki, fassara ce mai kyau, sai dai takardar ofis ce. Mai sauraronki yana kan babur ko yana buɗe rumfa ko yana ɗaura wa shanu garma, ba zai iya cewa maimaita min ba. Abu huɗu yake nema kuma a jere: ina, yaushe, me zai zo, me zan yi. Kin ba shi na uku rabi, sauran ukun duk babu.

Fara da yaushe. "Daga rana zuwa yamma" awa shida ce ko fiye. Mutanenmu da salla suke auna yini. Ki ce tsakanin la'asar da magariba, ko bayan isha'i, ko cikin dare kafin asuba, kowa ya gane har tsohuwar da ba ta da agogo. Kuma gargaɗi guda: in kina duba hotunan tauraron ɗan adam za ki ga an rubuta UTC kusa da lokacin, wannan ba agogonmu ba ne, sai kin ƙara awa ɗaya. In kin ga 15:00 UTC to ƙarfe huɗu na yamma ne a Kano.

Injiniya:
Baba ya yi daidai amma batun "ina" mai sauƙi ne ai. Ruwanmu daga teku yake zuwa, iskar damina daga kudu maso yamma take busowa, so in aka ga ruwa a Kaduna da Zariya sai a ce wa Kano ta shirya. Haka muka karanta.

Manomin Gaya:
Injiniya kai ko ka taɓa kwana a gona kuwa? Tun ina yaro ban taɓa ganin babana ya juya yamma yana duban hadari ba. Hadarin gabas shi ne hadari.

Baba Mai Ma'auni:
Ku duka biyun kuna da rabonku. Injiniya, laimar da ke zama ruwa lallai daga teku take, iskar ƙasa-ƙasa mai zuwa daga kudu maso yamma ce ke kawo ta, shi ya sa damina ke fara sauka a kudu tana hawowa arewa sannu a hankali. Amma shi hadarin kansa in ya haɗu ya yi tsawo, iskar da ke can sama wajen kilomita uku zuwa huɗu ce ke tura shi, ita kuma daga gabas take zuwa yamma. Saboda haka manyan hadarurrukan nan masu jeruwa kamar katanga daga gabas suke taso mana, wani lokaci da ɗan karkata arewa ko kudu, kuma sukan yi tafiyar kamar kilomita 50 a awa, wani ya fi haka.

To ga amfanin wannan ga mai rediyo. Daga Dutse zuwa Kano abin bai wuce kilomita ɗari da 'yan kai ba. In aka ce miki katangar hadari ta bugi Dutse ƙarfe uku, kina da kamar awa biyu kafin ta iso Kano, in ba ta mutu a hanya ba, don wani yakan baje kafin ya iso. Gaya da Wudil za su riga birni samu, Dawanau da Bichi da Gwarzo su biyo baya. Ki jero garuruwan a yadda hadarin zai bi su, daga gabas zuwa yamma, sai mai sauraro ya ji inda yake a layin. Ba sai kin kira ƙananan hukumomi 44 ba, biyar ko shida sanannu sun isa, na kusa da su za su gane.

Injiniya:
Toh na karɓa Baba, amma ni na sha ganin hadari ya taso ta kudu a unguwarmu fa

Baba Mai Ma'auni:
Yana faruwa, musamman ƙananan nan da ke haɗuwa a kanka saboda zafin rana, su ba su da alƙibla sosai, kuma su ne ke ba masu hasashe kunya. A yi ruwa a Sabon Gari, Kurna ko ɗigo.

Maman Ummi:
Ni dai Anti abin da nake roƙo ki raba iska da ruwa, kar ki haɗe su a jimla ɗaya. Ina sayar da busasshen tattasai da kuɓewa da kuka, shanya nake yi. Ruwa in ya zo da yayyafi ina da lokacin da zan tattare, amma iskar nan da ke riga ruwa zuwa ita ce bala'in, bara ta ɗauke min tabarma guda ta tattasai ta watsa a kwata ina tsaye ina kallo, ta cika sauran da ƙasa, kuma ƙarshenta ko ruwan ba a yi ba. Da na ji a rediyo an ce ruwa kawai sai in ce ai zan ga hadarin, alhali kafin ka ga ɗigon farko an gama da kai.

Baba Mai Ma'auni:
Maman Ummi ta faɗi abin da ya fi komai a rubutun nan. A farkon damina, ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, ɓarnar iska ta fi ta ruwa. Iska ce mai sanyi da ke faɗowa daga cikin hadarin ta bugi ƙasa ta yi gaba, ƙasa kuma a bushe take sai ta kwaso ƙura ta zama jan bango. Takan riga ruwa da 'yan mintuna, wani lokaci goma wani lokaci fiye, wani lokaci ma ita kaɗai za ta zo. Alamarta a ƙasa: zafi ya yi tsanani, iska ta ɗauke, sai ka ji sanyi ya bugo ka daga gabas kwatsam. In ka ji wannan sanyin lokacin ɗaure rumfa ya wuce, lokacin neman mafaka ne.

Kuma 'yata kilomita 55 ɗin nan ki cire. Ki faɗi abin da iskar za ta yi. Mai gudun 50 zuwa 60 tana girgiza itace gaba ɗaya, tana ɗaga tampol da lema da rumfar buhu, tafiya ma da ƙyar. In ta haura 75 to ana maganar yaye kwanon da bai kafu da kyau ba. Sai ki ce "iska mai ɗaga rumfa" ko "iska mai yaye kwano", kalma biyu daban, kar ki riƙa musanya su yadda kika ga dama.

Na Damagaram:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan lambar da manomi ke kasa kunne ya ji ita ce milimita, bayan ruwa a ce gari kaza ya samu kaza. Ni ina ganin kar ku zubar da lamba duka, mutane suna koyo in ana maimaita musu. Baƙauyen da bai yi lakwal ba ya san milimita 20 ruwan shuka ne, 5 kuwa kwantar da ƙura ne kawai.

Manomin Gaya:
Yawwa ɗan uwa ka zo inda nake jira. Hajiya ni abin da nake so ki faɗa min ƙarara shi ne in yi shuka ko kar in yi. Shekaran bara ruwa ɗaya aka yi mai kyau muka fita muka zuba gero da dawa, ya tsiro gwanin sha'awa sai sama ta ɗauke kusan sati uku, duk ya ƙone sai da muka sake sayen iri. Da rediyo ta ce mana ku dakata ai da ba mu yi asara ba. Wasu ma a wajenmu binne suke yi tun ƙasa na bushe, su kam ɗan yayyafi shi ne abokin gabansu, ya jiƙa irin ya fara tsiro ya mutu.

Baba Mai Ma'auni:
Nan kam zan ja da kai Malam. Hasashen yini ɗaya ba zai iya ce maka yi shuka ba. Ƙa'idar da masana noma a yankin Sahel suka daɗe suna aiki da ita ita ce a samu kamar milimita 20 cikin kwana uku, sannan kar a yi fari na fiye da mako guda a cikin wata ɗaya da ke biye. Rabin farko ana aunawa, milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, kai ma in ka tona da hannu ka ga inda laima ta kai ka sani. Rabi na biyu kuwa wata guda ne a gaba, mai shirin safe ba ta da shi. Wannan aikin hasashen damina ne da NiMet ke fitarwa a farkon shekara, mai faɗin lokacin da ake sa ran saukar damina da ɗaukewarta, shi ma kintace ne na yanki ba na gonarka ba. In ta ce ku shuka aka yi fari, gobe wa zai sake sauraronta?

Abin da za ta iya faɗa maka da gaskiya shi ne na yau da gobe. Kar ka watsa yuriya yau don ruwa mai ƙarfi zai wanke ta, bari sai bayan ruwan, lokacin ƙasa na da laima, ka sa ka rufe. Kar ka yi feshi da yamma, maganin yana son 'yan awoyi a kan ganye kafin ruwa, ga iska kuma za ta kai shi gonar maƙwabci.

Manomin Gaya:
Na ji Baba amma ban gamsu duka ba. Ko cewa ta yi "kwana uku masu zuwa ba a ga alamar ruwa ba" ai ya taimaka, mutum ya yi lissafinsa

Baba Mai Ma'auni:
Wannan kam za ta iya, akwai hasashen kwana uku. In dai ta tsaya a nan ban da ja.

Mai Shirin Safe:
Kai jama'a na gode, na cika shafi biyu. Saura kashi 60 ɗin nan, in bar shi ko in cire?

Injiniya:
Ki bar shi mana, ma'anarsa kashi 60 na garin zai samu ruwa, 40 ba zai samu ba, simple

Ɗan Dawanau:
Ni kuma da na ɗauka ƙarfin ruwan ne, wato ya ɗan fi rabi 😂

Baba Mai Ma'auni:
Kin gani ko, mutum biyu masu waya a hannu fassara biyu. Abin da ake nufi shi ne in aka samu rana goma masu irin wannan yanayin, a shida daga ciki ruwa zai sauka a inda kake. Bai ce komai a kan ƙarfinsa ba. Ni da ni ne sai in yi matakai uku da baki kuma in riƙe su kullum ba canji: "da wuya", "mai yiwuwa", "ana kyautata zato sosai". Kalmar GARGAƊI kuma a ajiye ta sai ranar iska mai ɓarna ko ruwa mai kawo ambaliya. In kullum sai kin ce gargaɗi, a watan Agusta lokacin marka da kusan kullum akwai hadari, kafin sati biyu ta zama kamar sallama.

Na Damagaram:
Ni har yanzu ina ganin a faɗi duka biyun, a ce shida cikin goma, wannan ai kowa ya san shi ko a kasuwa

Mai Shirin Safe:
To ga sabo, ku sake dubawa. Na karanta da agogo ya ɗan haura minti ɗaya:

"Masu sauraro ga yanayin yau Juma'a. Akwai gargaɗin iska. Ana kyautata zato sosai, in sha Allahu, hadari zai taso daga gabas tsakanin la'asar da magariba. Zai fara da wajen Dutse da Gaya da Wudil, sannan birnin Kano, sannan Dawanau da Bichi da Gwarzo. Iska mai ƙura za ta riga ruwa zuwa, irin mai ɗaga rumfa da tampol. Daga safe zuwa azahar rana ce da zafi, a yi shanya, amma a kwashe kafin la'asar. 'Yan kasuwa, a ɗaure rumfuna, a ɗora buhuna a kan katako, a rufe a danne tampol tun ana sakkowa daga masallaci. Masu cin kasuwar Wudil, a yi lodin dabbobi da wuri. Manoma, yau ba ranar zuba taki ko feshin yamma ba ce. In kun ji tsawa ku bar fili, kar a fake a ƙarƙashin itace ko falwaya ko allon talla, a shiga ginin kirki ko cikin mota. Wani wuri zai samu ruwa sosai, wani iska kawai. Na maimaita: iska daga gabas, la'asar zuwa magariba. Za mu sake leƙo ku ƙarfe biyu da rabi in an samu canji."

Maman Ummi:
Yawwa Anti!! wannan "a yi shanya amma a kwashe kafin la'asar" shi ne nawa, ba ki hana ni neman abincina ba kin dai ba ni lokaci

Ɗan Dawanau:
Yanzu kika yi magana. Abu ɗaya, "a danne tampol" ki ƙara da igiya ko taya, don yara dutse ɗaya suke ɗorawa a kusurwa su tafi, iska ta shiga ta ƙasa ta mayar da shi tuta. Kuma direbobin tirela su rufe kaya kafin su tashi ba sai a hanya ba.

Baba Mai Ma'auni:
Ya yi kyau ƙwarai 'yata, gargaɗin ya zo a farko ya kuma dawo a ƙarshe, wanda ya kunna a tsakiya bai rasa ba. Gyara biyu. Batun tsawa ki ƙara cewa ko ruwa bai fara ba, don aradu na iya faɗuwa nesa da inda ruwan yake, kuma makiyaya da masu noma su suka fi shiga hatsari don itace ɗaya tilo a fili shi kowa ke gudu wajensa. Wata rana in kina da sarari ki koya musu ƙirga: daga walƙiya zuwa ƙarar tsawa kowane daƙiƙa uku kilomita ɗaya ne, in bai kai daƙiƙa 30 ba tana cikin kilomita goma, a tashi. Kuma a jira rabin awa bayan tsawar ƙarshe kafin a koma.

Na biyu shi ne alƙawarin ƙarfe biyu da rabi. Hasashen ƙarfe bakwai na safe ba zai iya ba ki jerin garuruwa da tabbaci ba, don hadarin yamma lokacin bai ma haɗu ba. Da safe ki faɗi jerin a matsayin yadda aka saba, da rana ne za ki gani da gaske. To in kin yi alƙawarin nan sai kin cika ko da ba canji, ki fito ki ce yana nan yadda muka faɗa, ko ki ce hadarin ya baje ku ci gaba da harkokinku. Washegari kuma in bai zo ba ki faɗa da bakinki kafin a faɗa miki.

Abban Sadiq:
Toh tunda an sa in sha Allahu ni ba ni da magana. Amma ranar da kika ce ruwa ba a yi ba kar ki buɗe layin waya 😅

Mai Shirin Safe:
Hahaha Abban Sadiq zan buɗe, su zage ni su kuma faɗa min inda aka yi da inda ba a yi ba, ai rahoto ne kyauta. Matsalata yanzu ƙarfe biyu da rabi ɗin nan, lokacin wani shiri ne da aka saya, sai na roƙi manaja ya ba ni ko daƙiƙa ashirin. Baba in bai bayar ba in cire layin ko in mayar da shi ƙarfe uku bayan taƙaitattun labarai?

Manomin Gaya:
Ƙarfe uku mu na gabas ai lokacin yana kanmu Hajiya, ki dai matsa masa